Nazarin Lamari: Tallan Man Shafawa na Hunturu da Ya Faɗi Sau Biyu Kafin Ya Karɓu a Kano

Asalin lamarin

Wannan nazari ya shafi wata mata da ke da ƙaramar masana'antar haɗa kayan shafa a cikin birnin Kano, wadda zan riƙa kira Hajiya kamar yadda ma'aikatanta suke kiranta. Tana da shago ɗaya, da mata shida da suke sarar kayanta suna sayarwa a gidaje, kuma kayan nata suna da lambar rajistar NAFDAC. Kaya uku ne ta tanada domin hunturu. Na farko man jiki ne mai ruwa-ruwa wanda aka haɗa da gilasarin da man kaɗanya, a roba mai cin mililita 250. Na biyu man kaɗanya ne mai kauri da aka buga da man kwakwa, a gwangwani mai giram 100. Na uku man leɓe ne na kakin zuma da kaɗanya, a ɗan gwangwani mai giram 10. Ni kuma sana'ata rubuta talla, kuma ta nemo ni ne bayan yunƙurinta biyu na farko ba su haifar da abin da take so ba, don haka abin da ya faru kafin zuwana daga bakinta da littafin cinikinta na samo shi.

Kafin a shiga bayanin tallan, ya kamata a tuna irin yanayin da ake magana a kansa. Hunturu a Kano yakan fara ne daga wajajen ƙarshen Nuwamba ya kai cikin Maris, kuma ya fi tsananta a Disamba da Janairu. Iskar tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 14, sannan da azahar ya haura kusa da 30. Wato mutum ɗaya a yini ɗaya yana fama da ɗari da sassafe, da rana mai zafi da busasshiyar iska da tsakar rana, da hazo a duk tsawon yinin. Busasshiyar iskar ce take zuƙe ruwan da ke saman fata, sai jiki ya yi furu-furu, dunduniya ta yi kaushi har ta kai ga faso, leɓe kuma ya tsage, domin fatar leɓe siririya ce kuma ba ta da irin maiƙon da sauran fatar jiki take fitarwa da kanta.

A irin wannan lokaci babu wanda yake buƙatar a gaya masa cewa ya shafa mai. Basilin yana kowane kanti, man kaɗanya ana auna shi a kasuwar Kurmi da ta Rimi da araha. Matsalar Hajiya ita ce yadda za ta sa mai gwangwanin basilin a ɗaka ya ga dalilin ƙara kuɗi ya sayi nata.

Makon ƙarshe na Nuwamba: talla na farko

Tallan farko ɗiyarta ce ta tsara shi a waya, kuma an ɗora shi a WhatsApp da Instagram, an kuma buga shi a takarda an liƙa a ƙofar shago. Hoton wata budurwa ce fara sol da aka samo, sai rubutu kamar haka: "Ki haskaka a wannan hunturu! Fata mai sheƙi, mai laushi, mai ɗaukar ido. Ingantaccen mai na zamani. Ragi na musamman." Irin kalmomin da suka yi amfani da su ke nan tun damina, an dai ƙara kalmar hunturu a ciki.

A cikin makonni biyu an sami saƙonni 47 na masu tambaya, amma 9 ne kawai suka saya. Da muka zauna daga baya muka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, sai muka ga fiye da rabinsu tambaya ɗaya suke yi ta fuskoki dabam-dabam: yana sa haske, a kwana nawa ake ganin canji, yana goge baƙin gwiwa da na gaɓoɓin yatsu. Kalmar "haskaka" da hoton farar budurwa sun sa masu karatu sun ɗauka man bilicin ne. Masu neman bilicin da suka ji cewa babu abin da zai sauya musu launi sai suka juya, su kuma iyaye mata masu neman man da za su shafa wa yara kafin tafiya makaranta ba su ma tambaya ba, domin babu uwar da za ta so ta shafa wa ɗanta abin da take zargin na bilicin ne. Ɗaya daga cikin masu sarin ta faɗa wa Hajiya cewa a wani gida an mayar mata da robar ba a ko buɗe ba, aka ce maigidan ya hana shigo da irin wannan mai.

Man leɓe ba a ambace shi ba ko kaɗan a tallan, kuma a waɗannan makonni gwangwani 4 kacal aka sayar.

Mako na biyu na Disamba: talla na biyu

Ganin haka sai Hajiya ta juya gaba ɗaya zuwa salon masu tallan magani a bayan mota. Ta sa aka ɗauki hoton dunduniya mai faso har da jini, aka rubuta a ƙasa: "Maganin faso da kaushi da ƙaiƙayi da duk cututtukan fata. Kwana uku ya warke, ko a dawo maka da kuɗinka." Wannan karon ciniki ya motsa, domin a mako ɗaya an sayar da gwangwani 38 na mai kaurin. Sai dai kafin mako na biyu ya ƙare mutum 11 sun dawo neman kuɗinsu, kuma ta biya su duka saboda alkawari ne ta yi da bakinta.

Dalilin dawowar ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda faso yake. Fatar dunduniya da ta yi kauri ta tsage ba ta haɗewa a kwana uku. Mai yana tausasa ta yana hana ta ƙara bushewa, amma sabuwar fata tana ɗaukar makonni kafin ta maye gurbin tsohuwa, kuma idan mutum ya ci gaba da yawo da silifa a cikin ƙura babu safa, abin da aka gyara da dare rana za ta warware shi. Wasu kuma da suka saya ba bushewar hunturu ce take damunsu ba, cutar fata ce ta daban wadda sai likita, kuma kalmar "duk cututtukan fata" ce ta jawo su. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da ya zo da ƙafa mai rauni, wanda yaron shagon ya yi hankali ya ce masa, "Baba, wannan ba na mai ba ne, asibiti ya kamata a kai ka." Na ambaci wannan ne domin raunin ƙafa ga mai ciwon suga abu ne da kan iya kai wa ga yanke ƙafa idan aka yi jinkiri, kuma tallan da ya sa irin wannan mutum ya tsaya shafa mai a gida ya ɗauki alhaki mai nauyi.

A wannan makon ne kuma ta kai rubutun wani gidan rediyo domin a karanta shi. Jami'in talla na gidan ya tambaye ta takardar amincewa, ya kuma nuna mata cewa ba za a iya karanta shi a haka ba. A Nijeriya, kayan kwalliya da aka yi wa rajista a matsayin kayan kwalliya ba a tallata su da sunan suna warkar da cuta, kuma tallansu yana buƙatar amincewar NAFDAC kafin a sake shi, haka nan hukumar ARCON mai kula da harkar talla tana da nata tantancewar. Hajiya ta sauke hoton fason a ranar, kuma bayan kwana biyu ta kira ni.

Mako na uku na Disamba: sauraro kafin rubutu

Ban rubuta komai ba a kwana ukun farko. Na roƙi a ba ni kujera a gefen kanta, na zauna da littafi ina rubuta ainihin kalmomin da masu saye suke furtawa, sannan na nemi masu sarin su turo mini saƙon murya a kan abin da suke ji a gidaje. Babu wanda ya shigo ya ce yana son fata mai ɗaukar ido. Wata ta ce, "Hajiya, yaran nan kafin su kai makaranta sun yi fari kamar an tsoma su a toka." Wani mai tuƙa Adaidaita Sahu ya ce bayan hannunsa yana tsagewa, kuma idan ya yi dariya leɓensa jini yake yi. Wata amarya ta ce dunduniyarta tana kama zanin gado. Mutane da yawa, maza da mata, sun ambaci alwala: hannu da ƙafa da fuska ana jiƙa su sau biyar a yini ko fiye, iska ta busar da su nan take, kuma kowace jiƙawa da bushewa tana ƙara tsaga fatar.

Sai kuma ƙorafi ɗaya da ya yi ta maimaituwa wanda Hajiya ba ta taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato cewa mai yana kama ƙura. Mace za ta shafa mai kauri da safe ta fita kasuwa, kafin ta dawo ƙafarta ta yi jawur da ƙura ta manne, har ta gwammace ta fita babu mai. Wannan gaskiya ne ga duk mai mai maiƙo, na Hajiya da basilin baki ɗaya, kuma babu tallan da na taɓa ji yana amsa shi.

Na kuma tambayi mutane yadda suke shafawa. Mafi yawansu suna wanka da ruwa mai zafi sosai saboda sanyi, su goge jiki ƙarƙaf, su zauna kusa da wuta ko su sa kaya su karya kumallo, sai can su shafa mai a busasshiyar fata. A nan ne rabin amfanin man yake salwanta. Ruwa mai tsananin zafi da sabulu mai ƙarfi suna wanke maiƙon fata. Gilasarin aikinsa riƙe ruwa ne, kaɗanya da kakin zuma kuma aikinsu rufe fata ne domin kada ruwan ya fita. Idan an shafa su a fatar da ta riga ta bushe, ruwan da za su riƙe ko su rufe kaɗan ne, sai amfaninsu ya ragu. Idan kuwa an shafa cikin 'yan mintuna bayan wanka, jiki yana da sauran danshi, mai kaɗan ma ya isa. A leɓe kuma kusan kowa lasa yake yi, alhali yawu yana bushewa ya tafi da sauran laimar da ke wurin, sai tsagewar ta ƙaru.

Makon ƙarshe na Disamba: talla na uku

Daga wannan sauraro muka yanke shawara uku. Ba za a ƙara yin talla ɗaya ga kaya uku ba, kowane zai sami nasa. Kowane talla zai ambaci lokaci ɗaya na yini, da gaɓa ɗaya ta jiki, da abu ɗaya da za a yi. Sannan an cire kalmomin "haske", "magani" da "warkarwa" gaba ɗaya, aka maye su da abin da man yake yi a zahiri, wato tausasawa, riƙe danshi da kare fata daga iska.

Na man jiki mun nufi iyaye mata da shi, kuma ga yadda ya kasance: "Ƙarfe shida da rabi, ruwan wanka ya huce, yaro yana rawar ɗari. Kafin ki sa masa rigar makaranta, tun jikinsa da sauran danshi, ki shafa masa. Yana shiga fata, ba ya barin maiƙon da ƙura za ta manne. Babu sinadarin bilicin a ciki." Mun daɗe muna muhawara a kan jimlar ƙarshe. Hajiya tana ganin ambaton bilicin zai tuna wa mutane kuskuren farko. Ni kuma na ce mata, "Hajiya, zargin yana nan ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba, gara uwa ta ji amsar daga bakinmu da ta tsaya tana tambayar maƙwabciya." Ta amince, amma ta ce a sa lambar rajista a gefen jimlar domin wadda take son ta tabbatar, kuma wannan ƙari nata ya fi shawarata amfani. Jimlar da ta shafi ƙura kuwa sai da muka gwada ta kafin mu rubuta. Ma'aikata biyu sun shafa mai ruwa-ruwan a ƙafa ɗaya, mai kaurin a ɗayar, suka yi yini suna aike a gari, da yamma muka duba. Bambancin a fili yake, shi ya sa muka ji daɗin faɗa.

Na mai kaurin mun mayar da shi na dare, domin da dare ba a yawo a cikin ƙura. Rubutun ya ce: "Dunduniya tana kama zanin gado? Bayan sallar isha'i a wanke ƙafa, a goge kaushin a hankali, a shafa da kauri, a sa safa a kwanta. A yi haka kullum. Laushi yana farawa a makon farko, faso mai zurfi yana son haƙuri. Idan akwai jini ko ruwa, ko mutum yana da ciwon suga, a fara zuwa asibiti." Hoton da aka sa gwangwani ne a buɗe kusa da safa biyu a kan tabarma. Babu ƙafar kowa a ciki, domin masu sarin sun ce mata ba sa son ɗora hoton rauni a wayoyinsu, kuma tallan da masu sari suke jin kunyar turawa ba ya zuwa ko'ina.

Na man leɓe mun nufi maza masu yini a waje, masu Adaidaita Sahu da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, waɗanda suke ganin man leɓe kayan mata ne. Saboda haka muka guji kalmar kwalliya, muka bayyana cewa ba shi da launi kuma ba ya ƙyalli: "Malam, lasar leɓe ƙara tsaga shi take yi. Ɗan gwangwani ne, yana shiga aljihu tare da carbi. Bayan kowace alwala a ɗan taɓa. Ba launi, ba ƙyalli." Mun zaɓi cewa bayan alwala ne saboda dalili biyu: lokacin ne fatar take da danshi, kuma mutum ba ya mantawa da abin da ya jingina da salla. Mun kuma kauce wa duk wata magana a kan hukuncin mai da alwala, domin wannan fagen malamai ne, mai talla ba shi da hurumi a ciki.

An mai da rubutun uku saƙon murya da muryar Hajiya kanta, kowane bai kai daƙiƙa 30 ba, saboda da yawa daga cikin matan da ake kai wa kaya a gida sun fi sauraro a kan karatu. Na man jiki ana tura shi da daddare, lokacin da uwa take shirin gobe, na man leɓe kuma da hantsi. Batun rediyo an jingine shi, domin neman amincewar hukuma ba zai kammala ba kafin sanyi ya wuce, amma an shigar da takardun a kan sabon rubutun.

Janairu: abin da ya biyo baya, da sabuwar matsala

A makonni huɗu na Janairu an sayar da roba 163 ta man jiki, gwangwani 120 na mai kauri, da 71 na man leɓe. Mutum 2 ne suka dawo da kaya. Tambayoyin ma sun sauya, domin yanzu ana tambayar ko za a iya shafa wa jariri, da ko roba ɗaya za ta ishi yara huɗu wata guda. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu sarin sun fara maimaita jimlar "tun jiki da sauran danshi" da bakinsu a gidaje ba tare da an sa su ba.

A mako na biyu, lokacin da muku-mukun sanyi ya kai ƙarshe, sai wani ƙorafi ya taso wanda ba mu hango ba. Mai kaurin yana daskarewa da asuba har yatsa ba ya iya ɗiba, wasu gwangwanayen kuma sun yi tsaki-tsaki kamar an zuba gari. Wata ta turo saƙo cikin fushi tana cewa an sayar mata da tsohon kaya. Man kaɗanya haka ɗabi'arsa take: yana tauri a sanyi, yana narkewa da ɗumin jiki, kuma idan ya narke da zafin rana a shago sannan ya huce a hankali da dare, yakan yi ƙanƙara-ƙanƙara a ciki ba tare da ya lalace ba. Ba mu ɓoye wannan ba. An ƙara layi ɗaya a tallan da kuma a jikin gwangwani: "Idan ya daskare, kaɗanya ce ta gaske, a murza a tafin hannu zai narke." Hajiya kuma ta ɗauke kayan daga tagar da rana take duka, ta riƙa sanyaya sabon haɗi da sauri bayan an zuba shi. Ƙorafin ya ragu sosai, ko da yake bai ƙare ba.

Man leɓe shi ne bai kai inda aka yi fata ba. Daga cikin 71 da aka sayar, yawancinsu mata ne suka saya wa mazajensu da 'ya'yansu, mazan da kansu kaɗan ne suka zo. Kalmomin sun isa gare su, amma shagon kayan shafa ba wurin da direba zai tsaya ba ne, kuma ba a kai kayan tasha ko bakin masallaci inda suke ba.

Fabrairu zuwa Maris: ƙarshen hunturu

Daga tsakiyar Fabrairu sanyin safiya ya fara ja da baya, amma iska ta ci gaba da bushewa kuma hazo bai ɗauke ba. An bar tallan "yaro yana rawar ɗari" yana yawo har mako guda bayan mutane sun daina dafa ruwan wanka, kuma a wannan makon amsa ta ragu ƙwarai, domin hoton da kalmomin suke zanawa ya daina kama da safiyar mai sauraro. Da aka lura sai aka cire sanyi aka bar ƙura da bushewa: "Sanyi ya tafi, iska ba ta tafi ba." Wannan ya riƙe cinikin man jiki zuwa farkon Maris. Mai kaurin kuwa ya tsaya cak da shigowar zafi, aka bar gwangwani 40 a shago, saboda Hajiya ta ƙara haɗi mai yawa a ƙarshen Janairu tana zaton kasuwar za ta ɗore.

Hukunci a kan lamarin

Ba daidai ba ne a jingina duk ƙaruwar cinikin Janairu ga rubutun talla. Janairu wata ne na tsananin hunturu, kuma ko da ba a yi talla ba mutane za su fi sayen mai fiye da Nuwamba. An kuma sauya abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, kalmomi da hoto da murya da lokacin turawa, don haka ba za a iya ware gudummawar kowanne ba. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne abubuwa biyu da yanayi ba ya bayyana su: irin tambayar da ake yi ta sauya daga neman haske zuwa neman yadda za a shafa wa yara, kuma masu dawo da kaya sun sauko daga 11 cikin 38 zuwa 2 cikin fiye da 350.

Talla na farko ya faɗi ne domin ya yi magana a kan kyau a lokacin da mutane suke fama da zafin tsagewa, kuma kalmar haske a kasuwar kayan shafa ta Kano ta riga ta sami ma'anar da mai talla ba zai iya ƙwace ta ba. Na biyu ya kama ciwon daidai, shi ya sa ya jawo ciniki, amma ya yi alkawarin da mai ba zai iya cikawa ba, ya kuma taka dokar da aka kafa domin kare irin dattijon nan mai ciwon suga. A ganina shi ne mafi haɗari a cikin biyun, domin nasarar makon farko tana iya sa mai kaya ya ɗauka ya sami hanya.

Na uku ya yi aiki ne saboda umarnin shafawa ya shiga cikin tallan kansa. Man Hajiya bai sauya ba daga Nuwamba zuwa Janairu, amma wadda ta shafa shi a jiki mai danshi ta sami sakamakon da wadda ta shafa a busasshiyar fata ba ta samu ba, kuma wadda ta mayar da mai kaurin na dare ta daina ƙorafin ƙura. Ta haka kalmomin suka gyara yadda ake amfani da kayan, amfanin kuma ya dawo da mai saye. Iyakar wannan hanya ita ce tana da ɗan gajeren rai, domin tallan da ya jingina da ƙarfe shida da rabi na safiyar sanyi dole a sauke shi ranar da safiyar ta sauya, kuma kalma ba ta kai kaya inda ba a ajiye shi ba, kamar yadda man leɓe ya nuna.

Hajiya ta narkar da gwangwani 40 da suka rage ta mai da su sabulu. Domin hunturu mai zuwa ta tsara cewa za a kammala rubutu da neman amincewar hukuma tun watan Satumba, za a daina sabon haɗin mai kauri daga mako na uku na Janairu, kuma ta fara magana da masu tebur biyu a bakin tashar mota da za su ajiye mata man leɓe kusa da asuwaki da turare.